Kafin Ka Buɗe PubMed: Yadda Ake Ɗaure Tambaya da Tsara Nema a Bitar Binciken Lafiya

Duk damina, ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida a Sakkwato, Katsina, Jigawa, Maraɗi da Damagaram suna ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata, har ruwa ya ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da shawarar yin haka a watan Maris na 2012, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a yankin Sahel. Ba gwaji ɗaya aka dogara da shi ba. An yi gwaje-gwaje a Senegal, Mali, Burkina Faso, Gana da Gambiya, kowanne da nasa yaran da nasa sakamakon. A wannan shekarar ta 2012 Farfesa Martin Meremikwu na Kalaba da abokan aikinsa suka wallafa bitar da ta tattara bakwai daga irin waɗannan gwaje-gwaje, masu yara 12,589, suka nuna cewa maganin yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da zazzaɓin a lokacin da ake shan sa.

Irin wannan aiki shi ne bita mai tsari, wadda ɗalibai ke kira sistamatik ribiyu. Yanzu ana yawan ba ɗaliban likitanci, jinya, haɗa magunguna da lafiyar al'umma ita a matsayin aikin kammala digiri, kuma da yawa suna karɓa da murna saboda suna ganin ba sai sun je asibiti ko ƙauye tattara bayanai ba. To, akwai inda ta bambanta da babin bitar littattafai da aka saba. A babin da aka saba, ɗalibi yana karanta abin da hannunsa ya kai, ya ɗauki wanda ya yi masa. A bita mai tsari, sai ya nemo duk binciken da ya amsa tambayarsa, wanda ya yi masa daɗi da wanda bai yi ba, kuma ya rubuta hanyar da ya bi dalla-dalla yadda wani a Zariya ko Yamai zai bi sawunsa ya iske abin da ya iske. Abu biyu ke riƙe da wannan: takardar shiri, wato furotokol, da tsarin nema a rumbunan bayanai. Dukansu ana gama su kafin a karanta sakamakon kowace maƙala.

Me ya sa sai an rubuta kafin a duba

A ce wata ɗalibar lafiyar al'umma ta zo da wannan batu: tana so ta san ko rigakafin damina yana rage ƙarancin jini ga yara. Batun yana da kyau, amma bai zama tambaya ba tukuna. Ana ɗaure shi ne da igiya huɗu, waɗanda ake taƙaitawa da PICO: su wane ne mutanen, me aka yi musu, da me aka kwatanta, kuma wane sakamako ake aunawa. A wajen ɗalibarmu, mutanen su ne yara 'yan wata 3 zuwa 59 da ke zaune inda zazzaɓin ke bin damina. Abin da aka yi musu shi ne ba su salfadoksin-firimetamin, wanda mutane suka fi sani da Fansida, tare da amodiyakwin, sau ɗaya a wata. Abin kwatantawa shi ne yaran da aka ba ƙwaya mai kama da maganin amma babu magani a cikinta, ko waɗanda ba a ba komai ba. Sakamako kuwa ƙarancin jini ne a ƙarshen damina.

Wannan na ƙarshe shi ne inda ake zamewa. Ƙarancin jini a ina ya fara? An daɗe ana amfani da ma'aunin himogulobin ƙasa da giram 11 a kowace desilita ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Gwaje-gwajen zazzaɓin cizon sauro da yawa suna ba da rahoton ƙasa da giram 8, wasu kuma ƙasa da giram 5, wanda shi ne mai tsanani ƙwarai. Wasu ba sa yanka iyaka, sai su ba da matsakaicin himogulobin na kowane rukuni. Idan ɗalibar ba ta zaɓi ɗaya tun farko ba, za ta tara maƙalu, ta ga cewa a ma'aunin 11 bambancin kaɗan ne, a ma'aunin 8 kuwa ya fito sarai, sai zuciyarta ta karkata ga na 8. Ba ƙarya ta yi niyya ba. Amma sakamakon ne ya zaɓa mata ma'auni, kuma mai karatu ba zai taɓa sanin an yi haka ba. Idan kuwa ta rubuta tun farko cewa babban ma'auninta ƙasa da giram 8 ne, sauran na biye, to ko me ta tarar dole ta faɗe shi yadda yake. Tun ran gini ran zane.

Haka abin yake da sharuɗɗan shiga da fita. Gwajin farko-farko da aka yi a Niakhar ta Senegal, wanda aka wallafa a 2006, ya haɗa Fansida ne da atesunet, ba amodiyakwin ba. Ya shiga ko bai shiga ba? Wasu binciken sun haɗa yara har 'yan shekara goma. Za a ɗauke su idan sun ware alƙaluman 'yan ƙasa da biyar, ko za a bar su baki ɗaya? Wasu gwaje-gwajen sun raba yara ɗaiɗai ta hanyar ƙuri'a, wasu kuwa ƙauyuka ko cibiyoyin lafiya suka raba, kuma lissafinsu ba ɗaya ba ne. Kowace daga waɗannan tambayoyi tana da amsa fiye da ɗaya da za a iya karewa. Abin da ba za a iya karewa ba shi ne a amsa ta bayan an leƙa an ga ko gwajin zai ƙarfafa sakamako ko zai raunana shi.

Sauran abin da ke cikin furotokol ba ɓoyayye ba ne. Akwai jerin abubuwa 17 mai suna PRISMA-P, wanda aka fitar a 2015, kuma ana samun sa kyauta. Yana tambayar rumbunan da za a bincika, wa zai tace maƙalu, waɗanne bayanai za a ciro daga kowace, da wane ma'auni za a auna raunin kowane bincike, da yadda za a haɗa alƙaluma idan sun haɗu, da abin da za a yi idan ba su haɗu ba. Ga gwaje-gwajen da aka raba ta ƙuri'a, ma'aunin da aka fi amfani da shi yau shi ne RoB 2 na 2019. Ɗalibi ya buɗe jerin a gefe, ya amsa abu bayan abu, da kalmomin abin da zai yi nan gaba.

Wuri ɗaya nake so malamai masu duba aiki su tsaya a kai. Ƙa'ida ita ce mutum biyu su tace maƙalu, kowa shi kaɗai, sannan su zauna su daidaita inda suka saɓa, na uku ya raba gardama. Ɗalibi kuwa shi kaɗai aka ba aikin. Abin da ya dace shi ne ya nemi abokin karatu su yi musaya, wannan ya tace wa wancan. Idan hakan bai samu ba, ya rubuta gaskiya cewa mutum na biyu zai duba wani kaso ne kawai, ya faɗi kason. Rubuta sunan mutum biyu alhali ɗaya ya yi aikin ha'inci ne, ko da babu wanda zai gano.

Idan an gama, sai a yi rajista a PROSPERO, rumbun da Jami'ar York ta Ingila ke kula da shi tun 2011. Kyauta ne, kuma yana ba da lamba mai farawa da CRD. A yi rajistar kafin a fara ciro bayanai daga maƙalu. Kafin ma a rubuta komai, a fara bincika PROSPERO da Cochrane Library a ga ko wani ya riga ya yi wannan tambayar ko yana kan yi. Ɗalibarmu za ta iske bitar 2012, kuma dole ta faɗi abin da tata za ta ƙara a kai. PROSPERO ba ya karɓar kowace irin bita. Wanda tasa ba ta shiga ba yana iya ajiye furotokol ɗinsa a Open Science Framework, inda kwanan wata zai zama shaida.

Gina nema layi-layi

Rumbun bayanai ba ya fahimtar tambaya. Haruffan da aka ba shi yake nema. Saboda haka ana karya tambaya zuwa ginshiƙai, kowane ginshiƙi a tara masa duk sunayen da marubuta za su iya kiran sa da su, a haɗa su da `OR`, sannan a haɗa ginshiƙan da `AND`. `OR` yana faɗaɗawa: ko wannan ko wancan. `AND` yana matsewa: sai an sami duka.

Ga yadda na ɗalibarmu zai kasance a shafin Advanced na PubMed, inda kowane layi ke samun lambarsa:

```
#1 "Malaria"[Mesh] OR malaria[tiab] OR plasmodium[tiab]
#2 "Chemoprevention"[Mesh] OR chemoprevent*[tiab]
   OR chemoprophyla*[tiab] OR "intermittent preventive"[tiab]
   OR SMC[tiab] OR IPTc[tiab] OR IPT[tiab]
#3 "Child"[Mesh] OR "Infant"[Mesh] OR child*[tiab] OR infant*[tiab]
#4 #1 AND #2 AND #3
```

A kowane layi akwai kalmomi iri biyu. Masu alamar `[Mesh]` kanun batutuwa ne da Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ke liƙa wa maƙalu, ta yadda ko da wace kalma marubuci ya yi amfani, maƙalarsa za ta faɗa ƙarƙashin kai ɗaya. Masu alamar `[tiab]` kuwa ana neman su ne a take da tsakuren maƙala. Ana buƙatar duka biyun, domin akwai maƙalu da yawa a PubMed da ba a liƙa musu kanun batu ba, wasu saboda sababbi ne, wasu saboda mujallarsu ba ta cikin waɗanda ake yi wa haka. Tauraron da ke ƙarshen `child*` yana nufin duk kalmar da ta fara da waɗannan haruffa.

Layi na biyu shi ne zuciyar aikin. Sunan da kowa ya san shirin da shi yau, wanda ake taƙaitawa SMC, ya kafu ne wajen lokacin shawarar 2012. Gwaje-gwajen da suka haifi shirin ba su yi amfani da shi ba. IPTc suke kiran sa. Manyan gwaji biyu da mujallar PLoS Medicine ta wallafa a 2011, na Alassane Dicko da abokansa a Mali da na Amadou Konaté da abokansa a Burkina Faso, da tsohon sunan suka fito. Ɗalibin da ya buga `"seasonal malaria chemoprevention"[tiab]` shi kaɗai zai sami maƙalu masu yawa, ya ji ya cika, alhali gwaje-gwajen da suka fi kowanne amsa tambayarsa ba sa ciki. Kuma babu abin da zai fito a allo ya gaya masa ya yi rashi. Kusan kowane fanni yana da irin wannan: cuta ta sake suna, magani yana da sunan kamfani da na asali, Ingila na rubuta `anaemia` da `sulphadoxine`, Amurka na rubuta `anemia` da `sulfadoxine`.

Mai lura zai ga babu layin ƙarancin jini, alhali shi ne sakamakon da ake nema. Da gangan aka bar shi. Gwajin da babban burinsa ƙirga zazzaɓi ne yana iya auna himogulobin ya sa alƙaluman a jadawali na uku cikin maƙala, ba tare da ya ambace shi a take ko tsakure ba. An fi mantawa da ambaton sakamako a tsakure idan bai nuna bambanci ba. Saboda haka wanda ya ƙara layin sakamako yana iya zubar da daidai gwaje-gwajen da suka ce maganin bai yi tasiri ba, bitarsa ta karkata tun daga tushe. Haka ma babu layin ƙasa. Da an sa Najeriya, da an rasa Senegal, Mali da Burkina Faso. Wanda kuma tambayarsa ta tilasta masa sa ƙasa, ya sani `niger*` zai kwaso Nijar da Najeriya har da wani naman gwari mai suna Aspergillus niger.

Kura-kurai uku ne suka fi cin ɗalibai a nan. Na farko rashin baka. PubMed yana karanta umarni daga hagu zuwa dama, don haka waɗannan layuka biyu ba abu ɗaya suke nema ba:

```
malaria AND chemoprevention OR chemoprophylaxis
malaria AND (chemoprevention OR chemoprophylaxis)
```

Na sama zai kawo duk maƙalar da ta yi maganar rigakafi da magani, ko ta tarin fuka ce ko ta sanƙarau. Alamar wannan kuskure ita ce adadi ya yi tsalle, taken maƙalun shafin farko kuma ba su da alaƙa da batun.

Na biyu shi ne `NOT`. Ɗalibarmu za ta ga maƙalun rigakafin mata masu juna biyu sun cika mata sakamako, sai ta so ta ƙara `NOT pregnan*` ta huta. Amma maƙalar yara tana iya buɗe tsakurenta da cewa wannan dabara ta yi aiki ga masu juna biyu, shi ya sa aka gwada ta ga yara. Wannan jimla ɗaya ta isa a jefar da ita. Gara a bar su, a cire da ido lokacin tacewa.

Na uku su ne maɓallan tacewa da ke gefen allo. `Free full text` yana nufin an zaɓi hujja bisa wadda ba a biya, ba bisa wadda ta amsa tambaya ba. `Humans` ya dogara da kanun batu, don haka yana zubar da duk maƙalar da ba a liƙa mata su ba. `English` kuwa, a batun da rabin filinsa ƙasashe masu amfani da Faransanci ne, asara ce bayyananniya. Maƙalar da ba a samu kyauta ba ana nemanta ta Hinari idan makaranta tana da rajista, ko ta laburare, ko a rubuta wa marubucin.

Yadda ake gane nema ya kama

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane ɗalibi ya yi, kuma ya rubuta a furotokol cewa ya yi. Tun kafin a gina nema, a ware maƙalu biyar zuwa goma da aka tabbata dole su shiga. Ana samun su daga malami, ko daga jerin da tsohuwar bita ta haɗa. Ga ɗalibarmu, na Niakhar da na Dicko da na Konaté suna ciki. Kowace maƙala a PubMed tana da lamba, PMID. A haɗa lambobin da `OR` su zama layi na biyar, sannan a buga:

```
#5 NOT #4
```

Wannan yana nuna maƙalun da aka san suna nan amma nema bai kamo su ba. Abin da ake so shi ne sifili. Idan ɗaya ta fito, a buɗe ta, a duba take da tsakure da kanun batunta, a gano wane layi ne ya kasa kama ta, a ƙara kalmar da ta ɓace, a sake. Ta wannan hanya ce wanda bai taɓa jin IPTc ba zai gano shi. Gwajin yana da iyaka: idan duk maƙalun gwajin daga wuri ɗaya aka samo su, da kalmomi iri ɗaya, cin gwajin bai tabbatar da an kama na daban ba. Shi ya sa ake so a kai wa ƙwararren ma'aikacin laburare tsarin ya duba. Akwai ma jagora don wannan duba, mai suna PRESS.

Ɗalibai kan tsorata idan suka ga sakamako ya kai dubu biyu ko uku, alhali maƙalu goma ko ashirin ne za su rage a ƙarshe. Haka abin yake, kuma ba alamar kuskure ba ce. Karanta take da tsakure ba ya cin lokaci kamar yadda ake zato, musamman a manhaja irin Rayyan. Abin tsoro shi ne nema ya kawo arba'in, duka kuma su dace: wannan ya matse fiye da kima.

PubMed kaɗai bai isa ba. Ƙa'idar Cochrane ta ce a bincika CENTRAL da MEDLINE, wanda ke cikin PubMed, da Embase idan ana da damar shiga. Kowane rumbu da yarensa: Embase yana amfani da Emtree maimakon MeSH, alamominsa kuma daban, don haka sake gina nema ake yi, ba kwafewa a liƙa ba. Ga batun Afirka sai a ƙara African Index Medicus da African Journals Online, a nema da Ingilishi, a kuma nema da `chimioprévention du paludisme saisonnier` da `CPS`, yadda ake kiran shirin a Nijar da Mali. Akwatin nemansu ba ya ɗaukar dogon umarni, sai a yi gajeru da yawa, a rubuta kowanne. Sannan rajistocin gwaji, ClinicalTrials.gov da Pan African Clinical Trials Registry, inda ake ganin gwajin da aka yi amma ba a wallafa ba. Daga ƙarshe a bi jerin manazartar kowace maƙala da ta shiga.

Ranar da aka yi nema na ainihi, a buɗe jadawali a rubuta sunan rumbu, kwanan wata, umarnin yadda aka buga shi harafi da harafi, da adadin da ya fito. A sauke sakamakon a zuba a Zotero ko makamancinsa, a cire maimaici, a rubuta nawa aka cire. Waɗannan alƙaluma su za su cika zanen PRISMA 2020, wanda ke nuna nawa aka samu, nawa aka zubar a kowane mataki, da dalilin zubar da duk wadda aka karanta cikakkiya. PubMed yana ƙaruwa kullum, saboda haka adadin da ba a rubuta a ranar ba ba zai dawo daidai ba bayan wata uku.

Furotokol yana iya canzawa. Ɗalibarmu tana iya tarar cewa gwaje-gwaje kaɗan ne suka ba da ma'aunin giram 8, yawancinsu matsakaicin himogulobin suka bayar. Sai ta koma rajistarta ta PROSPERO ta shigar da gyara, da kwanan wata da dalili, ta bar tsohon ma'aunin a rahoto da abin da ya nuna, ta ƙara sabon a gefensa, ta kuma faɗa a babin hanyoyi cewa an ƙara shi ne bayan an ga bayanai. Idan rubutun ya ja lokaci har nema ya kusa shekara, ta sake buga umarnin nan yadda yake a jadawalinta, ta tace abin da ya ƙaru, ta gyara alƙaluman zanen kafin ta miƙa aikin.